ΔG° ya fito da alamar ƙari, amma gas ɗin ya rabe: yaya ake gano yawan NO₂ a kwalba?

Rukayya (Aboabo): Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina aji biyu a fannin kimiyyar sinadarai a nan Kumasi, kuma tun daren jiya wata tambaya ta tsaya mini a wuya. An ba mu rabewar gas ɗin nan, `N₂O₄(g) ⇌ 2NO₂(g)`, a zafin 298.15 K, aka ce jimillar matsi bar 1 ce, mu nemo K, wato lambar daidaiton sauyin, sannan mu faɗi kason kowane gas idan an kai daidaito. Jadawalin da ke bayan littafinmu ya ba NO₂ makamashin Gibbs na samuwa kilojul 51.31 a kowane mol, ya ba N₂O₄ kuma 97.89. Na ninka na farko sau biyu na ɗebe na biyu, na samu `ΔG° = +4.73 kJ/mol`. Da na saka shi a `ΔG° = −RT ln K` sai kalkuleta ta ba ni 0.998, wanda jikina ya ba ni ba daidai ba ne. Abu na biyu da ya fi damuna shi ne, tun a sakandare an koya mana cewa idan ΔG ya fito da alamar ƙari sauyin ba ya faruwa da kansa, to me ya sa ake tambayarmu yawan NO₂ ɗin da bai kamata ya samu ba?

Salisu (Asawase): Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kuskuren farko mai sauƙi ne: kin saka 4.73 a kilojul, alhali R ɗin da kika yi amfani da shi, 8.314, a jul yake. Ki mayar da shi 4730, ki raba da 8.314 sau 298.15, wato kimanin 2479, za ki samu 1.908. Saboda haka `ln K = −1.908`, K kuma 0.148. Ma'anarsa kashi 14.8 cikin ɗari na gas ɗin ne ya rabe, sauran yana nan yadda yake, kuma wannan ya dace da abin da aka koya miki, tunda sauyin bai yi nisa ba.

Malama Zuwaira (Tafo): Salisu, gyaran da ka yi na jul da kilojul daidai ne, K ɗinka ma daidai ne, amma jimlarka ta ƙarshe ba ta tsaya ba, kuma gara a cire ta tun kafin ta zauna a kan Rukayya. K ba kaso ba ne na abin da ya rabe. Rabo ne tsakanin matsin gas ɗin da ya fito da matsin wanda ya rage, kowanne an ɗaga shi zuwa lambar da ke gabansa a lissafin sauyin. A nan NO₂ yana da 2 a gabansa, don haka ana ninka matsinsa da kansa, kuma wannan kaɗai ya isa ya hana 0.148 zama kaso kai tsaye.

Rukayya, bari in fara da tambayarki ta biyu, domin ita ce tushen. Abin da aka koya miki gaskiya ne game da ΔG, amma ke abin da kika lissafa ΔG° ne, mai ɗan da'ira a kai, kuma wannan da'irar ita ce ta raba su. ΔG° yana magana ne a kan yanayi guda tak: a ce N₂O₄ yana kan matsin bar 1, NO₂ ma yana kan matsin bar 1. Alamar ƙarin da kika gani tana cewa ne daga wannan yanayin sauyin ba zai ci gaba ba, baya zai koma, NO₂ ya haɗu ya zama N₂O₄. Kwalbar da aka cika da N₂O₄ zalla ba ta cikin wannan yanayin. Abin da ke mulkinta shi ne `ΔG = ΔG° + RT ln Q`, inda Q yake da siffa ɗaya da K, sai dai ana saka masa matsin da ake da shi a wannan lokacin. A farko babu NO₂ ko kaɗan, Q yana dab da sifiri, logaridim ɗinsa kuma babbar lamba ce mai alamar ragi wadda take haɗiye 4.73 ɗin nan gaba ɗaya. Saboda haka gas ɗin zai fara rabewa da kansa, Q yana hawa, har ya kai inda ɓangarorin biyu suka soke juna, ΔG ya zama sifiri. A wannan wurin Q ya zama K, kuma daga nan ne dangantakar da kika yi amfani da ita ta fito.

Rukayya (Aboabo): Na gode, Malama. Wato ko da ΔG° ya kai kilojul hamsin da alamar ƙari, wani abu kaɗan zai samu ke nan?

Malama Zuwaira (Tafo): Zai samu, sai dai kaɗan ƙwarai. Akwai wani ma'auni da nake so kowane ɗalibi ya riƙe a ka: a zafin 298 K, duk kilojul 5.7 da aka ƙara wa ΔG° yana raba K da goma. Hamsin ya kusan ninka 5.7 sau tara, to K zai faɗi kusa da ɗaya bisa biliyan. Wannan ma'aunin ne zai nuna miki tun da wuri cewa 0.998 ba zai yiwu ba, domin 4.73 ya kusa 5.7, amsar dole ta zauna kaɗan sama da 0.1. Idan kika ga K ya manne wa 1 alhali ΔG° yana da ɗan kauri, ki zargi kilojul. Idan kuma kika samu 0.012 a wannan tambayar, kin danna maɓallin `10ˣ` ne a maimakon `eˣ`.

Awudu (Sabon Zango): Ni dai na gama lissafin tun ɗazu, kuma ban ga wahalar da ake ta faɗi ba. Ana farawa da N₂O₄ bar 1, x ya rabe, ya rage `1 − x`, NO₂ ya zama `2x`. Sai `4x²/(1 − x) = 0.148`, a warware shi da dabarar kwadiratik a samu x = 0.175. Kashi 17.5 cikin ɗari ne ya rabe, N₂O₄ ya rage bar 0.825, NO₂ kuma bar 0.349. Ki rubuta haka ki miƙa, Rukayya.

Malam Isiyaku (Alabar): Awudu, kafin ta miƙa, ka haɗa mana 0.825 da 0.349 mu ga abin da suka bayar.

Awudu (Sabon Zango): Sun ba da kimanin 1.175, Malam. Ai dole matsi ya ƙaru, tunda ƙwaya ɗaya tana zama biyu.

Malam Isiyaku (Alabar): To ka ga wurin. Lissafinka babu aibi a cikinsa, amma wata tambaya ka amsa, ba wadda aka yi wa Rukayya ba. Kai ka ɗauki kwalba mai tauri wadda ba ta faɗaɗa, aka cika ta da bar 1 a farko aka toshe bakinta, matsi ya hau yadda ya ga dama. Ita kuwa an ce mata jimillar matsi bar 1 ce a daidaito, kamar gas ɗin yana cikin silinda mai fistin da ke ja da baya duk lokacin da ƙwayoyi suka ƙaru. Shekaruna da yawa ina duba takardun yara, kuma wannan rikicin ya fi na kilojul cin maki, domin mai shi yakan fito da lambobi masu kyan gani, ba ya jin akwai abin da ya ɓace.

Ga yadda nake bi da tambayar fistin. A fara da mol ɗaya na N₂O₄, a kira kason da ya rabe α. A daidaito akwai `1 − α` na N₂O₄ da `2α` na NO₂, jimillarsu `1 + α`, kuma wannan jimillar ce mutane suke mantawa. Matsin kowane gas shi ne kasonsa a cikin jimillar sau jimillar matsi P. Idan aka jera su a K, aka share abin da ya sharu, sai a samu:

```
K = 4α²P / (1 − α²)
α = √( K / (K + 4P) )
```

P a nan yana nufin matsi a bar an raba shi da bar 1, shi ya sa K ba shi da wani ma'auni a bayansa, kuma shi ya sa ake iya ɗaukar logaridim ɗinsa. Da K = 0.148 da P = 1, ana raba 0.148 da 4.148 a samu 0.0357, tushensa kuma 0.189. Wato kusan kashi 19 cikin ɗari na N₂O₄ ne ya rabe. Sai kason gas ɗin a cikin cakuɗar: NO₂ shi ne 0.378 bisa 1.189, wato 0.318, N₂O₄ kuma 0.811 bisa 1.189, wato 0.682. Kada ki tashi daga kan takardar sai kin mayar da su cikin K: 0.318 sau kansa 0.101 ne, a raba da 0.682, a dawo 0.148. Idan bai dawo ba, akwai inda kika yi tuntuɓe.

Rukayya (Aboabo): Malam, na bi shi layi-layi kuma ya fito mini haka. Abin da ya ba ni mamaki shi ne kashi 19 ne kawai ya rabe, amma NO₂ ya kusan kashi 32 na abin da ke ciki. Yanzu na gane dalilin, kowace ƙwaya da ta rabe biyu take haifarwa. To amma me ya sa na Yaya Awudu ya fito ƙasa da namu, tunda K ɗaya muka yi amfani da shi?

Malam Isiyaku (Alabar): Domin a kwalbarsa matsi ya hau zuwa 1.175, kuma P yana ƙasan lissafin α, idan ya ƙaru α zai ragu. Ki saka 1.175 a matsayin P a dabarar da na rubuta, za ki ga 0.175 ɗinsa ya fito. Hanyoyin biyu ba sa faɗa da juna.

Awudu (Sabon Zango): Na karɓa, Malam, ban karanta kalmar jimilla da kyau ba. Amma zan ce masu tsara tambaya ma suna da laifi, sau da yawa sukan rubuta "a bar 1" kawai su bar mutum yana ƙiyasi.

Salisu (Asawase): Ni ma na janye maganar kashi 14.8. Amma ina da ja a kan abu ɗaya. Idan aka matsa gas ɗin daidaito yana komawa ɓangaren N₂O₄, kamar yadda ƙa'idar Le Chatelier ta ce, to ai K ya ragu ke nan. Na gwada da bar 10, α ya faɗi zuwa 0.061. Yaya za a ce K bai canja ba alhali abin da ke cikin kwalbar ya canja haka?

Malama Zuwaira (Tafo): Ka duba yadda ka samo 0.061 ɗin, Salisu: K ɗin 0.148 ka saka, ba ka taɓa shi ba. ΔG° an ɗaure shi ne a kan bar 1 tun daga ma'anarsa, saboda haka bai san matsin da ke cikin kwalbarka ba, K kuma daga gare shi yake fitowa. Abin da ke motsawa α ne, yana motsawa daidai gwargwadon da zai sa `4α²P/(1 − α²)` ya ci gaba da zama 0.148. Wannan magana ce ta gas da aka ɗauka kamili ne, wanda ƙwayoyinsa ba sa jan juna, kuma a matsi kaɗan ɗaukar tana aiki sosai.

Sai dai misalinka na bar 10 yana da wata matsala da kalkuleta ba za ta gaya maka ba. N₂O₄ yana tafasa ne a kusan digiri 21 a matsin iska na yau da kullum. A digiri 25 da ƙyar ya zama gas, kuma idan ka matsa shi ya wuce bar 1 da ɗan kaɗan zai fara zama ruwa a jikin kwalbar. Bar 10 na wannan cakuɗar a matsayin gas zalla a 298 K ba abu ne da zai samu ba, ko da littattafai suna ba da shi don atisaye. Idan kana son ganin tasirin matsi ba tare da ƙarya ba, ka sauka ƙasa. A bar 0.1, ana raba 0.148 da 0.548, tushen ya ba da 0.52, fiye da rabin gas ɗin ya rabe, NO₂ ya zama kashi 68 na cakuɗar, K kuma yana nan a inda yake.

Fusaini (Nima, Accra): Ku yi mini afuwa, na shigo a makare. Ni a wurin aiki na taɓa haɗuwa da wannan gas ɗin, lokacin da muke narkar da tagulla da asid mai ƙarfi na naitirik, hayaƙin nan ja mai ruwan ƙasa ya tashi. Duk wanda zai taɓa shi ya yi a cikin akwatin zuƙe hayaƙi, domin yana lalata huhu kuma illar tana iya jinkiri da awanni. Tambayata ita ce, ɗakinmu da rana yakan kai digiri 35. Na canja T zuwa 308.15 a lissafin Salisu, K ya fito 0.158, wato kusan babu bambanci. Amma da idona na ga bututun da aka rufe gas ɗin a ciki yana duhu sosai a ruwan ɗumi, yana washewa a ruwan ƙanƙara. Lissafin da idona ba su jitu ba.

Malama Zuwaira (Tafo): Idonka ne mai gaskiya, Fusaini. Ka canja T a gefe ɗaya ka bar ΔG° a kan 4.73, alhali 4.73 ɗin na 298 K ne kaɗai. `ΔG° = ΔH° − TΔS°`, kuma a wannan sauyin ɓangarorin biyu manya ne da suka kusan cinye juna. ΔH° kimanin kilojul 57.2 ne, domin sai an karya haɗin da ke tsakanin naitirojin biyun, ΔS° kuma kimanin jul 176 ne a kowane kelbin, domin mol ɗaya na gas yana zama biyu. A 298 K, TΔS° ya kai kusan 52.4, abin da ya rage tsakaninsu shi ne ɗan abin nan da bai kai biyar ba. Ƙarin digiri goma yana ƙara wa TΔS° kilojul 1.76, ka ga ya yanke fiye da sulusin ΔG°.

Hanya mafi tsafta ita ce ta van 't Hoff, `ln(K₂/K₁) = (ΔH°/R)(1/T₁ − 1/T₂)`. A raba 57200 da 8.314 a samu 6880, bambancin `1/298.15` da `1/308.15` kuma 0.0001088 ne, ninkinsu 0.749. Saboda haka ln K ya tashi daga −1.908 zuwa −1.159, K ya zama kimanin 0.31. Ya ninka fiye da sau biyu a digiri goma kacal, α a bar 1 ya hau zuwa 0.27, NO₂ kuma ya kai kusan kashi 43 na cakuɗar. Idan aka ci gaba da ɗumamawa, wajen 325 K, wato kusan digiri 52, ΔG° zai ratsa sifiri K ya zama 1. Dabarar ta ɗauka ΔH° bai canja da zafi ba, wanda ba laifi a tazarar digiri goma ko talatin, amma ba zan amince da ita ba a tazarar ɗaruruwa sai an gyara ta.

Malam Isiyaku (Alabar): Wannan ne ma dalilin da nake gaya wa yara cewa digiri 25 na jadawali ba zafin ajinmu ba ne a watan Maris. Wanda ya auna a nan ya kwatanta da jadawali ba tare da ya duba ma'aunin zafi ba zai zargi na'urarsa a banza.

Fusaini (Nima, Accra): Na gamsu da wannan. Amma ga wani abu kuma da zai ƙara dagula muku lissafi. Na buɗe littafin da ke wurina, shi ya ba N₂O₄ 99.8 ne, ba 97.89 ba, NO₂ kuma 51.3. Da waɗannan ΔG° ya zama 2.8, K ya zama 0.32 a 298 K, α kuma 0.27. Wanne ne gaskiya?

Salisu (Asawase): Ina jin kuskuren ɗab'i ne, an juya lambobi, 97.9 ya koma 99.8. Ko kuma ɗaya yana kan atmosfiya 1 ne ɗayan yana kan bar 1, tunda an sauya ma'aunin a 1982.

Malama Zuwaira (Tafo): Sauyin ma'aunin ba zai kawo wannan giɓin ba. Atmosfiya 1 bar 1.01325 ce, tasirinta a K na wannan sauyin bai wuce kashi 1.3 cikin ɗari ba, mu kuwa muna maganar ninki biyu. Kuskuren ɗab'i ma ban yarda ba, domin na ga lambobin biyu a littattafai daban-daban, kuma inda aka rubuta 99.8 entalfin samuwar N₂O₄ ma yakan zo 11.1 a maimakon 9.16, wato an ɗaga su tare da kusan kilojul biyu. Wannan ya fi kama da jadawalai biyu da suka dogara da tattara bayanai daban. Kilojul biyu a cikin kusan ɗari ƙaramin saɓani ne, amma mu ragi muke yi tsakanin manyan lambobi biyu, sannan mu ɗora sakamakon a kan `e`, shi ya sa ya kumbura haka. Ni 0.148 na fi karkata gare shi a digiri 25, kuma ba zan taɓa ɗaukar NO₂ daga wannan jadawali in ɗauki N₂O₄ daga wancan ba.

Fusaini (Nima, Accra): Karkata ba hujja ba ce, Malama, da girmamawa. Abin da zai raba gardamar awo ne: a auna nauyin gas ɗin a kwalba mai sanannen girma a digiri 25 da bar 1. N₂O₄ zalla giram 92 ne a mol, cakuɗar kuma 92 bisa `1 + α` ce, wato kimanin 77 idan α 0.189 ne, kimanin 72 idan 0.27 ne. Wannan bambancin ma'auni mai kyau zai kama shi, in dai an riƙe zafin sosai, tunda kin nuna mana abin da digiri goma ke yi.

Malam Isiyaku (Alabar): Kuma in dai gas ɗin ya bushe, babu iska a ciki, babu ɗigon da ya kwanta a jikin gilashin. Rukayya, ke dai ki yi amfani da jadawalin da malaminku ya ba ku, ki rubuta lambobin da kika ɗauka a saman amsarki, ki kuma rubuta cewa kin ɗauki bar 1 a matsayin jimillar matsi a daidaito.

Rukayya (Aboabo): Haka zan yi, Malam, Allah Ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Na rubuta K = 0.148, α = 0.189, NO₂ 0.318, N₂O₄ 0.682. Ɓangare na biyu na tambayar yana cewa a ƙara mol ɗaya na naitirojin, wanda ba ya shiga sauyin, jimillar matsi tana nan bar 1. Na saka jimillar mol `2 + α` a maimakon `1 + α`, na samu `4α²/((1 − α)(2 + α)) = 0.148`, kuma α ya fito mini kusan 0.25. Yaya Awudu, don Allah ka warware shi a naka ɓangaren mu gani ko za mu haɗu.